Gina aji a Tawa: hanya mafi tsawo da rarar lokaci, tambaya da warwara

Wani ɗan kwangila zai gina aji guda a wata makarantar firamare ta Tawa kafin komawar ɗalibai a Oktoba. Ga ayyukan:

A, haƙa tushe: kwana 4, ba ya jiran kowa.
B, buga bulo: kwana 6, ba ya jiran kowa.
C, zuba kankaren tushe: kwana 3, bayan A.
D, tada bango: kwana 8, bayan B da C.
E, ƙera ƙofofi da tagogi wajen mai walda: kwana 10, bayan A.
F, rufin kwano: kwana 5, bayan D.
G, kafa ƙofofi da tagogi: kwana 2, bayan D da E.
H, shafe da fenti: kwana 4, bayan F da G.

Nemo mafi ƙarancin kwanakin kammalawa, da hanya mafi tsawo, wato jerin ayyuka masu bin juna da ya fi cin kwanaki, da rarar kowane aiki, wato kwanakin da zai iya yin jinkiri ba tare da ranar kammalawa ta matsa ba. Idan ɗaukewar wuta ta ƙara wa mai walda kwana 6, me zai faru?

Warwara

A fara lissafi daga gaba. A ya ƙare a 4, B a 6, C a 7, E a 14. D na jiran B da C, don haka babbar lamba ake ɗauka, wato 7, domin magini ba ya ɗora bulo kafin a gama tushe. D ya ƙare a 15, F a 20, G a 17. H ya fara a 20, ya ƙare a 24.

Sai a juyo daga 24, ana neman ƙurewar lokacin farawa. H 20, F 15, G 18, E 8. Nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe: ayyuka biyu ke bin D, wato F mai 15 da G mai 18, kuma a dawowa ƙaramar lamba ake ɗauka. Lalle D ya ƙare a 15, ya fara a 7. Wanda ya ɗauki 18 ya ba bango rarar kwana 3 da ba shi da ita. C 4, B 1, A 0.

Rara ita ce ƙurewar farawa a cire farawa da wuri: B kwana 1, E 4, G 3, saura sifili. Ayyukan da rararsu sifili ce su ne hanya mafi tsawo, wato A, C, D, F, H: 4 + 3 + 8 + 5 + 4 = 24.

A lura da E sosai. Cikin kwana 4 ɗin, 1 kaɗai nasa ne, tunda yana ƙarewa a 14 kuma G na iya farawa a 15. Sauran 3 tarayya ce da G. Idan mai walda ya cinye su, mai kafa ƙofofi ba shi da sauran sarari.

Jinkirin kwana 6 ya zarce rarar da 2. E ya ƙare a 20, G a 22, H a 26, kuma hanya mafi tsawo ta koma A, E, G, H.