Baba Tanko Masinja: "Wa Ya Aike Ka?"

Daga wannan makon, filin nan ya yi baƙo, kuma baƙon ya zo da niyyar zama. Sunansa Baba Tanko Masinja. Ni na ƙirƙire shi, don haka kada kowa ya wahalar da kansa wajen neman gidansa, ko da yake na tabbata kafin a yi nisa wasunku za su rantse sun san shi.

Dattijo ne siriri mai furfura, da tsohon keke wanda ƙararrawarsa ta fi birkinsa lafiya. Shekara 35 ya yi yana aikin masinja a wani ofis kafin ya yi ritaya. A tsawon shekarun nan bai taɓa ɗaga ƙafa a banza ba. Duk fitar da zai yi akwai wanda ya aike shi, akwai saƙon da ya riƙe, akwai wanda zai miƙa wa ya sa hannu a littafi. Da ya ajiye aiki ya samu benci a ƙofar gida ya zauna, sai ya ga abin da ya ɗaure masa kai: duniya kowa gudu yake, kowa gumi yake, kowa da kaya niƙi-niƙi a ka, amma in ka tsayar da mutum ka tambaye shi mai saƙon, sai ya yi zuru. Daga nan Baba ya samo tambayarsa guda ɗaya, wadda za ku riƙa ji duk mako: "Wa ya aike ka?" In mace ce ya ce "wa ya aike ki," in taro ne ya ce "wa ya aike ku," amma tambayar ba ta canzawa.

Ra'ayinsa game da rayuwa bai da wuyar ganewa. A wurinsa wahala iri biyu ce. Akwai wadda ta zo ta same ka, kamar ciwo da rashi da talauci, wannan Baba ba ya yi mata dariya, kuma ba za ku taɓa jin ya yi ba a filin nan. Akwai kuma wadda kai ka yi wanka ka sa turare ka tafi ka ɗauko ta da hannunka. Wannan ta biyun ita ce gonarsa.

Ga yadda ta kaya ranar da na fara zaunar da shi a bencinsa.

Jikansa Sagir ya fito da safe ido jajur, yana tafe yana haɗa hanya. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai kuma lafiya? Zazzaɓi ne?"

"A'a Baba, barci ne ban samu ba. Sai ƙarfe uku na kwanta."

"Karatu?"

"Wani ne ya rubuta maganar banza a intanet kan ƙwallo, na tsaya ina gyara masa."

"Madalla. Ɗan wane gida ne?"

"Ban san shi ba, Baba. Ko sunansa na gaskiya bai sa ba. Hoton zaki ne a shafinsa."

Baba ya gyara zama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Tsaya in fahimta. Ka bar katifarka, ka ƙone kuɗin datarka, ka kwana kana musu da zaki. To ya gyaru?"

"Toshe ni ya yi."

"Su 'yan ƙwallon sun aiko maka da godiya?"

Sagir ya sunkuyar da kai.

"Sagiru, wa ya aike ka?"

Ba a jima ba sai ga maƙwabcinsa Malam Iro, waya uku a hannu, ɗaya na ringi, ɗaya na caji a aljihu, ta ukun kuma fuskarta a fashe. Ya zauna yana huci, ya ce shi kam duniya ta ishe shi, masu bin sa bashi sun hana shi sakat. Baba ya tausaya masa da gaske, har ya fara lalube a aljihu, don a zatonsa maganar asibiti ce ko kuɗin makarantar yara. Ashe mota ce. Abokin aikin Malam Iro ne ya sauya mota, shi kuma ya ga ba zai yiwu a riƙa ajiye tasa kusa da waccan ba, ya ci bashi ya sayo wadda ta fi ta tsawo. Yanzu ga mota a ƙofar gida an lulluɓe ta da tampol, babu kuɗin mai, kullum a ƙafa yake fita.

"Shi abokin naka ya ce ka saya?"

"Haba Baba, bai ma san na saya ba. An yi masa canjin wurin aiki tun kafin ta iso."

Baba ya mayar da hannunsa daga aljihu a hankali. Bai ce komai ba, ya dai dube shi. Malam Iro da kansa ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani, Baba, na sani. Ba wanda ya aike ni."

Ina son mai karatu ya lura da abu ɗaya game da dattijon nan, domin shi ne dalilin da ya sa nake ƙaunarsa. Tambayarsa tambaya ce ta gaske, yana jiran amsa. Ba ya yin ta don ya kunyata mutum, kuma wani lokaci amsar takan kayar da shi. Da yammacin ranar ya hangi wata yarinya 'yar makaranta ta ajiye jakarta a gefen titi, tana kwashe fasassun kwalabe daga inda yara ke wasa. Ya tura kekensa ya isa wurinta.

"'Yata, wa ya aike ki?"

"Ba kowa, Baba. Na ga ƙananan nan ba takalmi suke gudu."

Baba ya jingine keke, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kama tsintar kwalabe tare da ita. Da suka gama ya ce mata a duk shekarunsa na aiki bai taɓa kai saƙon da ya kai wannan kyau ba.

Mutum ɗaya ce ke iya juya masa tambayarsa, wato matarsa Iya Hajo. Da ya shigo gida yana ɗingishi, yana riƙe da ƙugu, yana neman man zafi, ta dube shi ta ce, "Malam, mai shekara 70 da durƙuso a titi, wa ya aike ka?" Ya buɗe baki ya rufe. Ta miƙo masa man tana dariya, ta ce gobe in zai je aikin da ba a aike shi ba, ya tafi da tsintsiya.

Baba ba ya zagi, ba ya kama sunan kowa, ba ya shiga rigimar jam'iyya ko ta addini, domin a cewarsa can ma ba a aike shi ba. Abin da ke gabansa shi ne ƙananan abubuwan da muke yi kullum: mai danna hon a cunkoson da ba ya motsi, mai cewa "ga ni nan a hanya" alhali ko takalmi bai sa ba, mai tura saƙon da bai karanta ba zuwa ga mutum ɗari, mai ba da shawarar magani ga ciwon da bai san sunansa ba.

Mako mai zuwa zai raka Sagir banki, inda wani bawan Allah ya naɗa kansa shugaban layi, yana ta tsara mutane da tsawa, har aka tashi bai cire ko sisi ba.