Neman Amincewa da Aikin Kammala Karatu: Na'urar Sa Ido kan Lafiyar Taransifoma

Sashen Injiniyan Lantarki,
Tsangayar Injiniyanci.

Zuwa ga Malam Mai Duba Aikina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Malam yana lafiya, na rubuto ne don neman amincewarku da aikin da nake son yi a shekarar ƙarshe.

Malam ya fi ni sanin cewa taransifoma ba kasafai take ƙonewa haka kwatsam ba. Zafi ne ke cin takardar da ke naɗe da wayoyinta a hankali, kuma ƙa'idar IEC 60076-7 ta nuna cewa ƙarin digiri 6 a kan 98 yana ninka saurin tsufar takardar. Abin da ke damuna shi ne ƙananan taransifomomin rarraba wuta, waɗanda ba a waiwayarsu sai sun mutu.

Ina son haɗa na'ura mai sauƙin kuɗi a kan ESP32, wadda za ta riƙa auna zafin man da ke saman tanki, da yawan man, da lodin kowane layi cikin ukun. Daga zafin mai da lodi za ta lissafa zafin wuri mafi zafi a cikin naɗin, ta aika saƙon gargaɗi ta waya idan an ƙetare iyaka. Ban sa gwajin iskar da ke narke cikin mai ba, domin kayansa sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi.

Ina roƙon izinin gwada ta a kan taransifomar ɗakin gwaji, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan wurin. In Malam ya ba ni lokaci, zan kawo zanen da'irar a duba.

Na gode.

Ɗalibarku,
Hadiza,
Aji biyar.