Neman Tallafi: Binciken Yaranmu Kan Lalacewar Tumatir a Kasuwar Mile 12

Assalamu alaikum, Alhaji, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da fatan kasuwa ta yi albarka, ina rubuto wannan takarda ne a madadin kulob ɗin kimiyya na yaran unguwarmu da ke bayan kasuwa, wanda nake kula da shi duk ranar Asabar a ajin Islamiyya da aka ara mana. Yara 18 ne, mata 7 maza 11, 'yan shekara 13 zuwa 17, kuma kusan duk iyayensu a gwari suke cin abinci: dillalai, 'yan dako, masu kasa kaya a bakin titin Ikorodu. Da muka ce su zaɓi abin da za su bincika a bana, ba su ɗaga kai sun dubi taurari ba. Tumatir suka zaɓa. Tambayarsu ita ce: daga lokacin da aka sauke kaya a Mile 12 zuwa lokacin da mai kiri ta sayar da kashin ƙarshe, wace hanyar ajiya ce ta fi rage asara a irin iskar Legas, ba tare da wutar lantarki ba?

Ba ni zan gaya muku yadda kwando yake isowa ba, kun fi ni sani. Kaya ya taso daga Kadawa ko Ɗanja ko Zariya, ya ci kusan kilomita 1,000 a bayan mota, kwando bisa kwando. A buɗe sama a ga ja jawur, mai saye ya yaba. A zura hannu zuwa gindi a tarar da ruwa yana bin tsakanin saƙa, na ƙasa sun fashe, wasu sun fara farar furfura, sai a ware su a sayar da su a matsayin esha a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba. Abin da yaran suka koya a aji shi ne wannan ɓarna tana da dalilai da za a iya aunawa. Tumatir kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, kuma ko bayan an tsinke shi yana ci gaba da numfashi. Idan zafi ya ƙaru numfashin ya ƙaru, ya nuna da wuri, ya yi laushi da wuri. Wanda ya nuna ko ya ji rauni yana fitar da iskar etilin, wadda take gaggauta nunar na kusa da shi, kuma ta wurin raunin ne ƙwayoyin ruɓa suke shiga. Masana ajiya suna so a riƙe shi a wajen digiri 12 zuwa 13. Rumfunanmu kuwa da rana tsaka suna haura 30.

Kowane ɗan Arewa zai ce ai maganin wannan yana gida: randa cikin randa. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Jigawa, shi ya yaɗa wannan dabara har ta kai shi ga samun lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000. A saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, kuma duk ruwan da ya bi iska da zafi yake tafiya, sai cikin ya yi sanyi. A Dutse da Kano abin yana aiki sosai. To amma nan ne tambayar yaran ta yi armashi, domin sanyin ba daga tukunya yake zuwa ba, daga bushewar iska ne. Idan zafi yana digiri 35 kuma danshin iska kashi 20 ne, kamar yadda ake samu a Arewa da rani, a lissafi ana iya saukowa har wajen 19. Idan kuwa zafi 32 ne danshi ya kai kashi 80, abin da ba baƙo ba ne a Legas da damina, iyakar abin da za a samu bai wuce saukin digiri 3 ba. Duk wanda ya taɓa shanya wanki a Ketu cikin watan Yuni ya san abin da nake nufi.

Saboda haka ba mu zo da alkawarin cewa randa za ta ceci tumatir a Mile 12 ba. A ganina ma da damina za ta ba da kunya, da hunturu kuma ta ɗan taɓuka. Sai dai ganina ba hujja ba ne, kuma abin da nake ƙoƙarin cusa wa yaran ke nan: gani ya kori ji.

Ga yadda aikin zai gudana. Kowace Asabar za a ɗauki tumatir kilo 40 daga mota guda, iri guda, masu nuna kusan ɗaya, a raba gida takwas, kilo biyar-biyar. Biyu a kwando kamar yadda aka saba, su ne ma'auninmu. Biyu a kiret na roba mai huji, a inuwa, an ɗaga shi daga ƙasa. Biyu a randa cikin randa. Biyun ƙarshe su ma a randa, amma da ƙaramar fanka mai amfani da hasken rana tana hura jikin tukunyar, ko motsin iska zai biya abin da danshi ya hana. Wannan ta ƙarshe shawarar wata yarinya ce 'yar aji biyar, wadda mahaifiyarta take kasa tumatir da attaruhu, kuma ita ce ta nace sai an yi kowace hanya gida biyu, wai kada a ce sa'a ce. Safe bayan asuba da yamma bayan la'asar, yara biyu da ke kan aiki a ranar za su rubuta zafi da danshi na ciki da na waje, su ɗora kowane kaso a sikeli, sannan su juya tumatir ɗaya bayan ɗaya su ware gida uku: mai ƙarfi da za a sayar da cikakken kuɗi, mai laushi da sai an rage, da ruɓaɓɓe. Wanda ya ruɓe a auna shi a fitar, kada ya shafi saura.

Akwai gwajin da nake ganin zai fi jan hankalinku, kuma ba ya buƙatar randa. Kilo biyar ba ya danne kansa, don haka ba zai nuna ɓarnar nauyi ba. Sau ɗaya a wata, idan kun amince, yaran za su zo rumfarku da sassafe lokacin sauke kaya, a ba su cikakken kwando ɗaya su kwashe shi hawa-hawa, sama da tsakiya da gindi, su auna abin da ya fashe a kowane hawa, sannan su yi haka ga kayan da ya zo a kiret. An daɗe ana musu a kasuwa kan kiret: wasu na cewa yana rage asara, wasu na cewa kuɗin sayensa da na mayar da shi Arewa babu komai ciki ya cinye ribar. Yaran ba za su raba wannan gardama gaba ɗaya ba, amma aƙalla ɓangaren asarar zai fito a kilo da naira, daga kayanku, ba daga bakin wani ba.

Za mu yi makonni shida cikin Disamba da Janairu lokacin da hunturu yake ɗan busar da iska, mu sake wasu shida cikin Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ya yi yawa kuma tumatir ya yi tsada. Sakamakon lokaci guda kaɗai zai iya yaudarar mutum.

Batun kuɗi kuma, mun zaga mun tambayi farashi. Ma'aunin zafi da danshi guda 8 za su ci naira 72,000, sikeli biyu 40,000. Randuna manya da ƙanana, da yashi da buhun rufi, 60,000, kiret 30,000. Fanka biyu da farantin sola da batir su ne mafi tsada, 95,000. Rumfar katako da kwano da za a kafa a harabar makaranta 55,000, sai littattafan rubutu, safar hannu, sabulu da buga rahoto 48,000. Jimla naira 400,000. Iyayen yara sun riga sun haɗa 60,000, abin da muke nema a wurinku shi ne 340,000, tare da tumatir ɗin gwaji daga rumfarku a madadin kuɗi, domin idan muka ce za mu saya da damina kasafin nan ba zai kai ko'ina ba. Ba sai an ba da shi lokaci guda ba. Idan aka ba da 200,000 kafin Disamba za mu fara da kwando da kiret da randa, fanka ta biyo baya idan kun ga littafin makonni biyun farko kun gamsu. Ni ba na karɓar ko kwabo a ciki. Kuɗin zai zauna a hannun ma'ajin kwamitin iyaye, kowace sayayya da rasit. Tumatir ɗin da ya fita lafiya bayan gwaji za a mayar muku, ko a yanka a shanya kauɗa idan rana ta yarda.

Abin da za ku samu shi ne rahoto gajere da Hausa da Yarabanci da Turanci, wanda dillali zai iya karantawa a tsaye, yana faɗin kwana nawa kowace hanya ta riƙe kaya da kilo nawa aka rasa. Yaran da kansu za su gabatar da shi gaban shugabannin 'yan gwari idan kun nema mana zama. Sunanku zai hau rahoton idan kuna so, idan kuma kun fi son a yi shiru, za mu yi shiru. Idan sakamako ya nuna randa ba ta da amfani a nan, haka za mu rubuta, kuma ko wannan ya hana wata mai kiri zuba jarinta a tukunyar da ba za ta biya ta ba. Kayan awon kuma za su zauna a kulob, domin yaran sun riga sun fara maganar albasa da tattasai a badi.

Muna zama kowace Asabar daga ƙarfe goma zuwa azahar. Idan kun samu sarari ku leƙo, ko ku turo wakili, yaran sun haɗa ƙaramin gwaji da tukwane biyu na aro da ma'auni ɗaya, za su nuna muku yadda ake karanta shi. Idan zuwan ya yi wuya, zan kawo uku daga cikinsu rumfa ranar da kuka sa mana, bayan an gama sauke kaya.

Allah ya ƙara buɗi, ya saka da alheri.

Naku,
Malamin kimiyya mai kula da kulob ɗin, a madadin yara da kwamitin iyaye.