Tunatarwa ta Farko Kan Takardar Neman Biya Mai Lamba 2025-0418

Litinin, 10 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga Shugaban Sashen Kuɗi,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da dukkan abokan aikinka, na rubuto wannan wasiƙa ne domin in tunatar da ofishinku game da takardar neman biya mai lamba 2025-0418, wadda muka fitar ranar Litinin, 6 ga Oktoba, 2025, kuma wa'adin biyanta ya cika ranar Laraba, 5 ga Nuwamba. Da safiyar yau na duba bayanan asusunmu na banki tun daga ranar da takardar ta fita har zuwa ƙarshen makon jiya, ban ga shigowar kuɗin ba. Kwana 5 ke nan da cikar wa'adin, 2 daga cikinsu kuma hutun ƙarshen mako ne, saboda haka ba mu ɗauki lamarin a matsayin wani babban jinkiri ba. Abin da muka fi zato shi ne takardar ta tsaya a wani teburi a cikin hidimomin ƙarshen wata, kuma na ga ya fi dacewa in yi magana tun yanzu da abin yake da sauƙin warwarewa.

Domin kada sai an koma binciken fayil, ga taƙaitaccen bayanin aikin da takardar ta shafa. Bisa takardar odarku mai lamba 1172, maɗaba'armu ta buga muku rahoton shekara kwafi 600, kowanne mai shafi 64, tare da ƙananan takardun wayar da kai guda 2,000. Kun biya kashi 40 cikin 100 na jimlar kuɗin a matsayin kafin alƙalami ranar 15 ga Satumba, mun kuma ba ku rasit a kansa a ranar. Abin da takardar 2025-0418 take nema shi ne cikon kashi 60 cikin 100 da ya rage, ba tare da ƙarin komai ba, kuma adadin yana rubuce da lambobi da kuma kalmomi a layin ƙarshe na kwafin da na haɗo da wannan wasiƙa. Game da ranar wa'adi kuwa, yarjejeniyarmu ta ce kwana 30 daga ranar fitar da takarda, kuma da yake Oktoba kwana 31 ne, lissafin ya faɗa ranar 5 ga Nuwamba, ba 6 ba. Na ambaci wannan ne saboda mutane da yawa sukan ɗauki kwana 30 a matsayin wata guda cif, ni ma nakan yi wannan kuskure idan ban ƙirga a kan kalanda ba.

An kai kayan ranar Juma'a, 3 ga Oktoba, a cikin katan 16, wato 12 na rahoton da 4 na ƙananan takardun. Direbanmu ya shaida mini cewa mai kula da ma'ajiyarku bai sa hannu ba sai da ya yanke tef ɗin kowane katan ya ƙirga abin da ke ciki, kuma a katan na tara ya ware kwafi 8 waɗanda gefen bangonsu ya lanƙwashe, ya rubuta hakan da biro a ƙasan takardar shaidar karɓar kaya. Gaskiyarsa ce, domin igiyar ɗauri ce ta matse su a hanya, kuma laifin namu ne. Mun musanya kwafin 8 da sababbi da safiyar Litinin, 6 ga Oktoba, ya sake sa hannu cewa kaya sun cika, sannan ne muka fitar da takardar neman biya a ranar, domin ba mu ga dacewar fara ƙirga kwanakin wa'adi ba alhali akwai sauran gyara a wuyanmu.

Na tsaya a kan wannan batu ne saboda ina zaton a nan matsalar take. A tsarin yawancin ofisoshin kuɗi, akanta ba ya amincewa a biya sai ya jera takardu uku a gabansa ya ga sun yi daidai da juna: takardar oda, takardar shaidar karɓar kaya, da takardar neman biya. To, a wannan aiki takardun shaidar karɓar kaya biyu ne. Ta farko, ta ranar 3 ga Oktoba, tana nuna lafiyayyun kwafi 592 da rubutun hannu a kan 8 da aka ware, ta biyu kuma, ta ranar 6 ga wata, ita ce ta cike gurbin. Idan ta farkon kaɗai ce ta iso sashenku, duk akantan da ya san aikinsa zai ga oda ta ce 600, shaida ta ce 592, ya ajiye takardar gefe har sai an yi masa bayani, kuma da ni ne a kujerarsa haka zan yi. Shi ya sa na haɗo kwafin takardun biyu, kowacce da sa hannun mai kula da ma'ajiya, domin a haɗa su da fayil ɗin.

Akwai kuma wani abu da ya kamata in amsa daga ɓangarenmu. Da na duba saƙon imel ɗin da aka aika da takardar, na tarar an tura shi ne ga jami'ar hulɗa da jama'a wadda ta ba mu aikin, ba a sanya adireshin sashen kuɗi ba. Ita ce muka yi ta magana da ita tun daga gyaran rubutu har zuwa zaɓen takarda, shi ya sa ma'aikacinmu ya aika mata kai tsaye, amma biyan kuɗi ba a hannunta yake ba, kuma mai yiwuwa ne saƙon yana nan a akwatinta ba a miƙo muku shi ba. Idan haka ne, to wannan ne karo na farko da kuke ganin takardar, kuma ina neman afuwa a kan hakan. Ina roƙon a sanar da mu adireshin da ya dace mu riƙa aika takardun neman biya, da sunan muƙamin da za a rubuta a kansu, domin mu gyara bayananku a wajenmu.

Idan kuwa an riga an tura kuɗin a ƙarshen makon jiya, to wasiƙata ta yi saɓani da shi a hanya, domin kuɗin da aka tura daga wani banki zuwa wani yakan iya ɗaukar ranar aiki ɗaya ko fiye kafin ya bayyana, musamman idan an tura shi daf da hutu. A wannan hali babu abin da nake buƙata illa kwafin shaidar turawa, ko ranar da aka tura da lambar da banki ya bayar, sai in bi sawunsa da kaina in aiko muku da rasit.

Idan ba a riga an biya ba, muna roƙon a taimaka a biya zuwa ranar Juma'a, 14 ga Nuwamba, 2025, ta asusun da ke rubuce a ƙasan takardar, wanda shi ne dai asusun da kuka biya kafin alƙalami a cikinsa. Ba mu canza banki ba, ba mu kuma canza lambar asusu ba, kuma duk saƙon da ya zo muku da sunanmu yana cewa a biya ta wani sabon asusu, ina roƙon kada a yi aiki da shi har sai an kira mu ta lambar wayar da ke saman takardarmu an tabbatar, domin wannan sananniyar hanya ce da 'yan damfara suke bi su karkatar da kuɗin da ake bin kamfanoni. Haka kuma, a sanya lamba 2025-0418 a gurbin bayanin turawa. Ƙaramin abu ne, amma an taɓa turo mana kuɗi babu lamba babu cikakken suna, ya yi kwana 9 a asusunmu ba mu san na wane ne ba, har muka aika wa mai shi tunatarwa irin wannan alhali ya riga ya biya, abin da ya ba ni kunya ƙwarai. Idan doka ta wajabta muku cire wani haraji daga kuɗin kafin ku biya, sai a aiko mana da takardar shaidar cirewar tare da shaidar biyan, domin lissafinmu ya rufe daidai.

Yarjejeniyarmu ta tanadi ƙarin kuɗi a kan biyan da ya wuce wa'adi, amma ba mu sanya shi a kan wannan takarda ba, kuma ba za mu sanya shi ba idan aka biya zuwa ranar da na ambata. Wannan ne aiki na huɗu da muka yi muku cikin shekara 2, kuma ukun farko duk an biya su kafin wa'adi, saboda haka ba mu da dalilin yin shakka a kanku. Abin da ya sa muke bibiyar kwanaki da wuri shi ne mu ma muna karɓar takarda da tawada ne bisa wa'adi daga masu kawo mana su, kuma da kuɗin ayyukan da muka kammala muke sauke nasu nauyin.

Idan akwai wani abu a cikin takardar da bai yi muku daidai ba, ko a lissafi, ko a sunan da aka rubuta, ko wata lamba da tsarinku yake buƙata wadda ba mu sanya ba, a sanar da ni, zan gyara in sake fitar da ita a ranar. Idan kuma ranar 14 ga wata ba za ta yiwu ba saboda ofishinku yana da ranakun da ya keɓe don biyan kuɗi, ko wani mai sa hannu ba ya nan, layi ɗaya da ke faɗin ranar da za a biya ya ishe mu, za mu rubuta ta mu jira. Ana iya amsa wannan wasiƙa ta imel ɗin da ta zo ta cikinsa, ko a kira ni a kowace ranar aiki daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma.

Na haɗo takardu huɗu da wannan wasiƙa: kwafin takardar neman biya mai lamba 2025-0418, kwafin takardar odarku mai lamba 1172, da takardun shaidar karɓar kaya na ranakun 3 da 6 ga Oktoba.

Na gode ƙwarai da lokacinka. Ka huta lafiya.

Naka cikin girmamawa,

Jami'in Kula da Asusun Abokan Ciniki,
a madadin Manajan Maɗaba'a