Bayanin mai dubawa kan rahoton nazarin kamfanin ƙera kujeru: Rukuni na 4

Maki: 58 cikin 100 (fahimtar matsala 16/20, nazarin bayanai 17/30, shawarwari 13/30, tsari da rubutu 12/20)

Na karanta rahotonku tare da jadawalin da aka ba ku na shekarun 2021 zuwa 2024. Tambaya ɗaya nake yi wa kowace shawara: daga wane adadi ta fito? Shawarwarinku huɗu ne, ɗaya ce kawai ta iya amsawa.

Bari in fara da ita. Kun lura cewa ciniki yana ƙaruwa amma kuɗin hannu yana raguwa, kuka bi diddigi har kuka gano cewa dillalai da ke biyan bashi cikin kwana 40 a 2021 yanzu sai sun kai kwana 65. Ba a rubuto muku wannan adadin ba, ku kuka fitar da shi, ta hanyar raba bashin da ake bin dillalai da cinikin shekara sannan ku ninka da 365. Shawarar a kafa wa'adin kwana 45 ta zauna daram a kan wannan lissafi. Madalla. Da sauran rahoton ya bi wannan sawun, da makinku ya haura 75.

Babbar shawararku, wato a rage farashi da kashi 10 cikin ɗari "don jawo masu saye", a nan aka samu matsala. Jadawali na 2 ya nuna cewa a duk 100 da aka sayar da kujera, 70 na tafiya ne a katako, ƙarfe, lada da sufuri, abin da ke saura 30 ne. Idan farashi ya koma 90, kuɗin ƙerawa yana nan a 70 bai motsa ba, saura 20 ke nan. Kashi 10 kuka rage a farashi, amma sulusin ribar kowace kujera kuka zubar. Kafin kamfanin ya dawo inda yake, sai ya ƙara yawan kujerun da yake sayarwa da rabi, domin 30 a raba da 20 ɗaya da rabi ne. To ina za a ƙera su? Shafi na 6 na bayanan ya ce masana'antar tana aiki da kashi 85 na ƙarfinta. Ko an cika ta maƙil, ƙarin bai kai kashi 18 ba. Adadin duka biyun suna hannunku, kun ma kwafe su a rataye, amma ba ku haɗa su wuri ɗaya ba. Manajan da ya bi wannan shawara zai ƙara aiki, riba kuma ta ragu.

Batun rufe reshe na uku ya fi wannan wuyar gani, shi ya sa ban tsananta ba wajen maki. Gaskiya ne jadawali ya nuna reshen da asara, amma bayan an ɗora masa kasonsa na kuɗin babban ofishi ne. Albashin shugabanni da hayar hedkwata ba za su gushe don an rufe reshe ba, kan sauran rassan biyu za su koma. Kafin a ɗora masa wannan kaso, reshen yana biyan kuɗin kansa har da rara. Mai yiwuwa akwai dalilin rufe shi, amma ba wanda kuka kawo ba.

Shawarar ƙara talla a shafukan sada zumunta kuwa ba ta da tushe ko kaɗan a bayanan. Babu jadawalin da ya ce matsalar rashin sanin kayan ce.

Kun kashe shafi uku a kan SWOT da ƙarfafa biyar na Michael Porter. An cika su tsaf, sai dai babu shawara ko ɗaya da ta koma ta jingina da su. Ƙarfin dillalai wajen ciniki, wanda kuka ambata a can, shi ne zai bayyana dalilin da ya sa suke jan biya, kuma da kun yi amfani da shi da ya nuna muku haɗarin da ke cikin matsa musu lamba.

Kuna da damar sake miƙawa cikin mako biyu. A ƙarƙashin kowace shawara ku sa jadawalin da ta dogara da shi, lissafin abin da za ta jawo, da abin da zai faru idan hasashenku bai tabbata ba. Ku gwada ƙarin farashi na kashi 5 gefe da gefe da ragin, ku nuna yawan masu sayen da kamfanin zai iya rasawa kafin ribarsa ta fara raguwa. Zane na 3 kuma ba shi da ma'auni a gefen hagu, a gyara.