Takardar neman hutu domin sauke farali

Sashen Sito,
Kakuri, Kaduna.
Litinin, 9 ga Maris, 2026.

Zuwa ga Babban Manaja,
ta hannun Shugaban Ma'aikata.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ana shan ruwa lafiya. Allah Ya karɓi ibadunmu.

Na rubuto ne in sanar da ku cewa Allah Ya nufe ni da samun kujerar aikin Hajjin bana ta hannun Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kaduna, ni da mahaifiyata. Shekara shida ke nan ina tari a kan wannan tafiya. Ita kuma Inna ƙafa ta fara ba ta matsala, ni ne zan riƙa tura ta a keke wajen ɗawafi da sa'ayi, shi ya sa ban ga ta ɗagawa zuwa baɗi ba.

Ina roƙon a ba ni hutun mako bakwai, daga Litinin 4 ga Mayu zuwa Juma'a 19 ga Yuni, 2026, in dawo bakin aiki ranar Litinin 22 ga Yuni idan Allah Ya kai mu. Ana sa ran hawan Arfa ranar Talata 26 ga Mayu, Sallah kuma washegari, amma wannan sai an ga watan Zulhajji. Ranar tashi ba a hannun maniyyaci take ba: kira ake yi, mutum ya ɗauki jakarsa ya nufi sansanin alhazai na Mando. Haka dawowa, bin layin jirage ake yi. Don haka na bar 'yan kwanaki gaba da baya. In jirginmu ya sauka da wuri ba zan zauna karɓar barka da zuwa har hutun ya ƙare ba, kwana uku sun ishe ni. In kuma aka samu jinkiri, zan sanar da ku tun daga Makka.

Ban taɓa hutuna na bana ba, kwana 21 na aiki. Ina roƙon a cire su daga ciki, ragowar kuma a ɗauke su hutu ba albashi, ko a zabtare daga na baɗi, duk wanda ya fi muku sauƙi.

Na san lokacin bai yi wa sito daɗi ba. Tafiyar ta faɗo a bakin damina, daidai lokacin da dillalanmu na Saminaka da Soba da Giwa ke layin taki. Wannan ya fi komai damuna, kuma a kansa na fi yin shiri.

Na yi magana da mataimakina, Malam Nuhu, ya amince zai riƙe sito in kun yarda. Shekara huɗu muna tare, ban taɓa kama shi da kuskuren buhu ɗaya ba. Abin da bai saba da shi ba shi ne rahoton ƙarshen wata, saboda haka na Maris da na Afrilu shi zai haɗa ina gefe ina dubawa. Ranar Laraba 29 da Alhamis 30 ga Afrilu za mu ƙirga kaya kaf, taki da iri da maganin feshi, a gaban Akanta, mu uku mu sa hannu, sannan in miƙa makullai da littafin shiga da fita. Makullin ɗakin maganin feshi ina ganin ya zauna a ofishinku, a riƙa karɓa ana mayarwa.

Odar yuriya da NPK ta Mayu zan kawo muku ita kafin 17 ga Afrilu don motoci su sauke kaya ina nan. Dillalan da ake bi bashi na rubuta sunayensu da abin da ke kan kowa, na kuma gaya wa Malam Nuhu kada buhu ya fita bashi sai da sa hannunku, ko da mutum ya rantse cewa mun yi magana da shi kafin in tafi. Za a samu masu faɗin haka.

Sai abu ɗaya da nake roƙon a duba kafin ruwa ya sauka. Kwanon kusurwar gabas yana ɗiga, yuriya kuwa ba ta shiri da laima, dunƙulewa take yi. Na ɗora buhunan wajen a kan katako na ja su daga bango, amma gyaran kafinta yake so.

Wayata za ta kasance a buɗe a Madina da Makka. Kwanakin Mina da Arfa ne kawai, daga 8 zuwa 13 ga Zulhajji, nake roƙon a yi mini uzuri. Kafin tafiya kuma zan nemi izinin fita na 'yan awoyi ranar allurar rigakafi da ranar karɓar jaka, bita dai a ƙarshen mako muke yi.

Ina fatan samun amincewarku a rubuce kafin ƙarshen wannan wata, don mu fara miƙa aiki a tsanake. Ina kuma neman yafiyarku da ta abokan aiki kan duk abin da na yi ba daidai ba, wanda na sani da wanda ban sani ba. Allah Ya ƙara girma, Ya maimaita muku zuwa.

Naku mai biyayya,
Abdullahi,
Mai kula da sito.