Takardar auna haɗarin sake ciyarwa da tsarin fara abinci: ɗakin mata, gado na 7, Tahoua

An kwantar da wannan mata mai shekara 34 jiya Litinin da yamma, bayan gwajin majina ya tabbatar da tarin fuka. Nauyinta a yau kilo 34 ne, tsayinta mita 1,60, wato IMC ɗinta 13,3. Katin asibitin ƙauyensu ya nuna kilo 45 wata huɗu da suka wuce, ta rasa ke nan kusan kashi 24 cikin ɗari na nauyinta. Mahaifiyarta, wadda ke jinyarta, ta ce yau kwana 18 ba abin da ke shiga cikinta sai ruwa da ɗan kurɓin farau-farau. Bugun zuciyarta 104 ne a minti, ƙafafunta ba su kumbura ba, tana cikin hayyacinta. Gwajin jinin safiyar nan ya ba da potasiyom 3,1 mmol/L, fosfat 0,68, magneziyom 0,60, duka ƙasa da yadda ya kamata. Sukarin jini 0,72 g/L, ƙoda kuwa lafiya lau.

Bisa ƙa'idar hukumar NICE ta Birtaniya ta 2006, alama ɗaya cikin huɗu ta isa a ce haɗarin babba ne: IMC ƙasa da 16, rama fiye da kashi 15 cikin wata uku zuwa shida, rashin ci fiye da kwana 10, ko ƙarancin waɗannan sinadarai tun kafin a fara abinci. Ita ta haɗa duka huɗun, kuma da yake IMC ɗinta bai kai 14 ba, rashin cin ma ya haura kwana 15, na sa ta a rukunin mafi tsananin haɗari. Abin tsoron shi ne, da zarar sukari ya shiga jikin da ya daɗe da yunwa, insulin zai tashi ya janye fosfat da potasiyom da magneziyom daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki, ya kuma riƙe ruwa da gishiri, alhali zuciyar ta riga ta yi rauni. Yawanci cikin kwana ukun farko abin ke bayyana.

Kafin kurɓin farko a ba ta bitamin B1 miligiram 100, a ci gaba sau uku a rana har kwana 10, tare da ƙwayar haɗin bitamin ɗaya kullum. Ba za a jira jini ya daidaita kafin a fara ba, za a gyara shi tare da ciyarwar: potasiyom mmol 68, fosfat mmol 10, magneziyom mmol 14 a rana, duka ta baki, a rarrabe.

Yau da gobe kalori 5 ga kowane kilo, wato 170 a rana: madarar F-75 mililita 28 kowane awa uku, dare da rana, a auna da sirinji. Bai cika cokalin miya biyu ba, kuma na san zai yi wa ido kaɗan, amma kada a ƙara. Idan sinadaran jini ba su faɗi ba, a rana ta uku da ta huɗu a ninka zuwa mililita 56. Daga ta biyar a riƙa ƙara kalori 170 kowace rana, ana shigo da kunu mai ruwa-ruwa, har a kai kusan 1020 ba kafin rana ta takwas ba. Kada a ɗaura mata ƙarin ruwa mai sukari sai da izinina, domin kwalba ɗaya ta mililita 500 mai kashi 5 kalori 100 ce, fiye da rabin rabonta na yau. Idan dai sukarinta ya sauka ƙasa da 0,60 g/L, a gyara nan take bayan an tabbatar ta sha B1.

A gwada sinadaran uku kowace safiya tsawon mako guda, sukari da bugun zuciya da numfashi kowane awa huɗu, a auna nauyi kullum kafin ciyarwar ƙarfe shida, a rubuta abin da ta sha da fitsarinta. ECG yau, kuma a maimaita duk ranar da aka ƙara abinci. Idan fosfat ya sauka ƙasa da 0,50, ko aka ga kumburi, haki, ruɗewa, sabon sanyin jiki, ko ƙarin nauyi fiye da rabin kilo a kwana ɗaya, a rage abincin zuwa rabi, a kira likitan da ke aiki ba tare da jiran zagayen safe ba.

Na tarar da kwanon fura da nono a ƙarƙashin gado. Mahaifiyar ta ce, "Likita, yarinya na mutuwa da yunwa, ku ce kada ta sha?" Na amsa mata, "Inna, za ta sha, amma ba wannan makon ba," na kuma bayyana mata dalili har ta yarda ta fitar da kwanon. A sake faɗa wa masu zuwa dubiya da yamma. Zan duba tsarin gobe Laraba da sakamakon jini a hannu.

Likitan ɗakin mata, Talata, ƙarfe 10 na safe.